Gudun Owens da na yau

"Da a yau Jesse Owens yake, ko gasar Olamfik ba zai shiga ba." Marubucin wannan magana, a nan ba mu tare. Sakan 10.2 da Owens, ɗan tseren Amurka, ya yi a mita 100 a 1936, agogon hannu ne ya auna, kuma mai danna agogo yakan makara, shi ya sa ake ƙara 0.24, ya koma 10.44. To amma a filin toka ya yi gudun, ba filin roba irin na yau ba, da kansa yake haƙa ramin da zai dogara ƙafa wajen tashi. Wannan asarar babu adadin da aka amince da shi na gyara ta. Iskar baya mai gudun mita 2 a sakan tana rage kusan sakan 0.1 daga lokacin gudu, ita kam ana iya lissafa ta.