Rubutun Larabci a allon shago ba ya nufin Cadi

"Na ga Larabci da Faransanci a saman shagon. Ashe ba Njamena ba ce?"

Ba lalle ba. In kana son gane ko a Cadi ko a Kamaru aka ɗauki hoton shago, duba abin da Larabcin yake faɗa tukuna. In Bismillah ce ko Masha Allah, wannan neman albarka ne kawai, kuma ana samunsa a shagunan Marwa da Garwa na arewacin Kamaru. Abin da ke karkata zuwa Cadi shi ne a ga sana'ar kanta, kamar kantin magani ko gidan abinci, an rubuta ta da Faransanci sannan an maimaita da Larabci, domin su biyun ne harsunan hukuma a can. A Kamaru, allon gwamnati Faransanci da Turanci yake haɗawa.

Ko hakan ma, garin Kuseri na Kamaru yana ruɗa mutane, don kogi ne kawai tsakaninsa da Njamena, Larabcin Shuwa kuma na yawo a kasuwanninsu duka. A nan sai ka ƙara girman hoton ka ƙirga lambar wayar da ke ƙasan allon. Ta Kamaru alƙaluma 9 ce, ta salula tana farawa da 6; ta Cadi 8. Tallan MTN ko Orange a jikin rumfar kati na Kamaru ne, Airtel da Moov kuwa na Cadi. In allo ɗaya ya ɗauki lambobin biyu, wataƙila ɗan kasuwar bakin iyaka ne, sai a duba allon maƙwabcinsa.