Ba kowace wayar eriya ke ɗaukar dish ba

"Ai waya waya ce. Me ya sa wadda na ciro daga tsohuwar eriyata ta ƙi yi wa dish aiki?"

Malam, eriyar sama tana aiko da sigina da bai kai megahaz 900 ba, na dish kuwa yana tafiya tsakanin 950 da 2150. Siririyar waya irin RG59 takan jure na farko, amma na biyun yana tsiyayewa a hanya kafin ya iso dikoda. Shi ya sa dish ke son RG6, mai kaurin tsakiya da rufin alminiyam ƙarƙashin saƙar siraran wayoyin da ke kewaye da tsakiyar. Dukansu om 75 ne, a ido ma sun yi kama, sai ka karanta rubutun jikinsu kafin ka biya a Sabon Gari.

Wani abin kuma, dikoda na tura wuta, bolt 13 ko 18, ta cikin wayar zuwa LNB, wato na'urar da ke gaban dish mai karɓar sigina. A nan kan F, wanda ake murzawa, yake da muhimmanci. Na ga wani gida a Gwale da allo ke nuna ƙarfin sigina amma inganci sifili, an ja mita ashirin da RG59 mai haɗi biyu da salatif. Muka sauya waya, hoto ya dawo.

In za ka ɗaura kan, lanƙwasa saƙar baya tsaf. Gashi ɗaya na saƙar ya taɓa tsakiyar, sigina ya ɗauke gaba ɗaya. Na waje kuma naɗe shi, don ruwan Agusta yana shiga ya ci tagullar.