Ranar Da Na Yi Sammako Da Magariba

Dutin dare huɗu na yi a jere a asibiti, na miƙa aiki da takwas na safiyar Laraba, ga kuma dutin safe yana jirana ranar Alhamis saboda musayar da na yi da wata abokiyar aiki mai biki. Na iso gida ƙarfe tara, babu wuta, waya ta mutu, maigida ya yi tafiya. Na ce bari in ɗan miƙe bayana.

Da na farka agogon bango yana cewa shida da minti ashirin. Watan Janairu ne, hazo ya rufe Kano, hasken da ke taga ba a gane na safe ne ko na yamma. Na yi salati, na ce shi ke nan, na kwana na makara. Na sallaci raka'a biyu a gurguje, na zura yunifom ba guga, na fita ina gaida maƙwabta da "Ina kwananku?" Baba mai gadin layinmu ya dube ni ya ce, "Lafiya lau, Sista," da irin muryar da mu ma muke amsa wa majinyacin da zazzaɓi ya taɓa wa kai.

A cikin adaidaita sahu na ga mai tsire yana fifita wuta, na ce a raina mutanen yanzu neman kuɗi ya hana su barci. Sai da ladan ya kira salla, gari kuma yana ƙara duhu maimakon ya waye, na tambayi direba, "Malam, wai yau wace rana ce?" Ya ce, "Laraba, Hajiya." Bai ƙara kalma ba, amma kuɗin zuwa da komawa ya karɓa cif. Na dawo gida da bashin Azahar da La'asar, ga wata Asuba da ba wanda ya aike ni.

Kafin wannan rana ina da tsarin safiya mai kyau a rubuce jikin ƙofa: biyar tashi, biyar da rabi wanka, shida kari. Takardar tana aiki ne mako ɗaya cikin uku. A makon dare ƙarfe biyar na asuba ina kan awon jini da raba maganin safe, a makon dutin yamma kuwa ba na kwanciya sai sha ɗaya ta wuce. Laifin takardar shi ne ta ɗaure komai da agogo, alhali jadawalin aikina ba ya zama wuri ɗaya.

Sai na yage ta na rubuta wata da babu ƙarfe kaza a cikinta, jeri ne kawai da yawan mintuna. Ko da asuba na farka ko da la'asar, abu na farko shi ne duba ranar da lokacin a waya, wadda na mayar da ita lissafin awa 24 don 18:20 ta daina yi mini shigar 06:20. Sannan kofin ruwa biyu, alwala da sallar da ke kaina, buɗe labule ko fita tsakar gida na minti goma, wanka, abinci, sa kaya. Duka minti 50 ne. Na ƙara 20 a kai saboda nauyin kan da ke biyo bayan farkawa, wanda yakan ɗauki minti 15 zuwa 30 kafin ya sake mutum. A cikin wannan ɗan lokaci ne na taɓa zuba gishiri a shayi, don haka ba na lissafin kuɗi, ba na amsa saƙon shugabar ɗakinmu, sai bayan wanka.

Lokacin tashi daga baya nake lissafo shi. In karɓar aiki bakwai da rabi ce, hanya minti 45, to fita bakwai saura kwata, in cire minti 70, tashi ya zama biyar da minti 35. Daga nan in cire awa bakwai na barci, kwanciya ta faɗo goma da minti 35. Dutin dare ma haka: karɓar aiki bakwai da rabi na yamma, amma hanya takan ci awa guda saboda cunkoson magariba, sai tashi ya koma biyar da minti 20. Ƙararrawa uku na ajiye a waya, kowace da sunanta, safe, yamma, dare, ranar da jadawali ya fito nake kunna wadda ta dace.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne barcin rana, kuma nan ne yawancinmu muke faɗuwa. Agogon jiki da haske yake saita kansa. In ka fito daga dutin dare rana ta doki idonka, jiki ya ɗauka gari ya waye masa, ka kwanta tara ka farka sha biyu kamar an tashe ka da bulala. Shi ya sa nake sa baƙin gilashi daga ƙofar asibiti har gida, ko da yaran unguwa suna kirana 'yar fim. Tagar ɗaki na rufe ta da bargo mai kauri, don labulen leshi ado ne kawai. Shayi, kofi da goro kuwa, sinadarin da ke cikinsu yakan ɗauki kusan awa biyar kafin rabinsa ya bar jini, saboda haka kofina na ƙarshe ƙarfe uku na dare ne. Wanda ake kawowa da asuba, mai madara har cokali yana tsayawa, kallonsa nake ina haɗiye yawu. In na dawo, koko da ƙosai uku sun isa. Na taɓa cin tuwo da miyar kuka na kwanta, ƙwannafi ya tashe ni kafin awa biyu.

Kuskurena na ranar Larabar nan ba mutuwar waya kaɗai ba ce. Bayan daren ƙarshe ba a sakin jiki a yi barcin awa tara. Awa uku zuwa huɗu ake yi, a tashi da Azahar, a fita cikin haske, a daure da hamma har bayan Isha'i, sai barcin dare ya zo da kansa. Ni da na kwashe yinin ina minshari, idona biyu har ukun dare, na je dutin safen Alhamis ina amsa gaisuwar da ba a yi mini ba.

Sauran aikin duk kafin kwanciya nake gama shi, domin matar da ke farkawa ba abar amincewa ba ce. Yunifom biyu a goge a rataye, in an kawo wuta ko ƙarfe nawa ne sai na goge. Jaka a bakin ƙofa da biro ja da shuɗi, almakashi, katin shaida da canjin mota. Ruwan zafi a filas saboda sanyin hunturu. Waya a jikin fawa banki, can kan durowa inda sai na taka zan kashe ta, kusa da ƙaramin agogo mai batir da na saya washegarin abin.

Baba mai gadi kuwa bai manta ba. Ko ƙarfe takwas na dare na wuce, sai ya gyara zama ya ce, "Sista, an tashi lafiya?"