Tikiti biyu ka yanka, kada ka nemi haƙƙin mai tikiti ɗaya

Na ga bidiyon bawan Allahn nan da ake ta yaɗawa, wanda jirginsa na farko ya makara har na biyu ya tafi ya bar shi, ya tsaya yana buga kantar kamfanin a filin jirgi yana rantsuwa sai an sa shi a jirgin gaba kyauta. Na kuma ga yadda kuka taru a ƙarƙashin bidiyon kuna zuga shi, wannan ya ce zalunci, wancan ya ce a kai su kotu, har da mai cewa dokar duniya ta ba shi otal. Sannunku da ƙoƙari, manyan lauyoyi. Ni dai ban ga laifin ma'aikaciyar kantar ba ko kaɗan, domin shi da bakinsa ya faɗa a cikin ihun cewa tikiti biyu ya saya, kowanne daban. Da ya faɗi haka kuwa, shari'a ta ƙare.

Tikiti alkawari ne. In ka sayi tafiyarka gaba ɗaya a dunƙule, ko da za ka sauya jirgi a hanya, alkawarin da kamfanin ya ɗauka shi ne ya kai ka garin ƙarshe. Wurin yada zango ba matsalarka ba ce, tasu ce. In jirgin farko ya makara har na biyu ya tafi ya bar ka, su ne za su nemo maka kujera a wani jirgin ba tare da ka ƙara ko sisi ba, akwatinka kuma tun farko sunan garin ƙarshe aka manna masa. Amma in ka yanki tikiti daga nan zuwa tsakiya, ka sake yankar wani daga tsakiya zuwa can, alkawari biyu ke nan da ba su san juna ba. Na farko ya ce zai sauke ka a tsakiya, ya kuma sauke ka, ko da a makare. Na biyu ya ce ka zo kafin a rufe kanta, ba ka zo ba. A rajistarsu kai fasinja ne da bai bayyana ba, daidai kake da wanda barci ya kwashe a gida. Me ya hana ka zuwa? Ba su tambaya ba, ba kuma dole ne su tambaya ba.

Bari mu yi lissafin da shi bai yi ba. A ce jirgin farko zai sauka ƙarfe 10:00 na safe, na biyu ya tashi 12:00. A ido awa biyu ne, mutum har ya fara tunanin inda zai zauna ya huta. To ga mai tikiti biyu ba awa biyu ba ne. Yawancin kamfanoni suna rufe karɓar kaya kimanin awa ɗaya kafin tashin jirgin da zai ƙetare ƙasa, wato 11:00. Kafin nan sai ka sauko, ka bi layin shige da fice, ka tsaya jiran akwatinka, ka ja shi zuwa kantar ɗaya kamfanin, wadda wataƙila ma a wani gini take. Ko ranar da komai ya tafi daidai, wannan zai iya cinye minti 45. Saura minti 15. Ashe duk tafiyar taka a kan minti 15 ka ɗora ta. Yanzu a ce jirgin farko ya makara da awa ɗaya da rabi, abin da ba baƙo ba ne, ka sauka 11:30. An rufe kanta tun kana sama.

Ga inda bambancin yake ciwo. Mu ɗauki dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta shekarar 2004, tunda ita kowa ke kafa hujja da ita ko bai karanta ba. Tana aiki ne a kan jirgin da ya tashi daga ƙasashen tarayyar, ko wanda zai shiga cikinsu in kamfanin nasu ne. Diyyar jinkiri tana farawa ne in ka isa inda tikitinka ya ƙare a makare da awa 3 ko fiye: yuro 250 in tafiyar ba ta wuce kilomita 1,500 ba, 400 ga matsakaiciya, 600 ga doguwar da ta haura kilomita 3,500. Kalmar da za ka riƙe ita ce inda tikitinka ya ƙare. Mai tikiti ɗaya da ya rasa jirgin 12:00 aka sa shi a na gobe, jinkirinsa a garin ƙarshe ake aunawa, ya kusan kwana guda, don haka yana iya neman diyyarsa, ga abinci da masauki da motar kai shi masaukin a kan kamfani. Mai tikiti biyu, a jirgi ɗaya suka zauna, wataƙila ma kafaɗa da kafaɗa, amma shi tikitinsa na farko a tsakiya ya ƙare, kuma awa ɗaya da rabi kacal ya makara. Bai kai awa 3 ba. Ba diyya, ba otal, ba jirgin gobe.

Wannan ba fassarata ba ce. A 2013 kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a shari'ar Folkerts da Air France. Matar ta sayi tafiya guda daga Bremen zuwa Asunción ta Paris da São Paulo. Jirgin farko ya makara da kamar awa biyu da rabi, ta rasa na Paris, ta isa a makare da awa 11. Kotu ta ce abin dubawa shi ne lokacin isa garin ƙarshe, a biya ta. A 2018 kuma aka zo kan shari'ar Wegener, daga Berlin zuwa Agadir ta Casablanca, kotu ta ce ko da an sauya jirgi a wajen Turai, tafiya ɗaya ce muddin a dunƙule aka saye ta. Ku lura da sharaɗin, a dunƙule. Duk ƙarfin hukuncin nan a kansa ya rataya, kuma shi ne abin da mutumin bidiyo ya sayar da hannunsa don samun rangwame.

Na san abin da za a ce. Ai kamfanin farko ne ya jawo. Eh, shi ya jawo, sai me? Bai taɓa yi maka alkawarin riskar wani jirgi ba, bai ma san da shi ba. Ai kamfani ɗaya ne duka biyun. Ko da ɗaya ne, in tikiti biyu ne alkawari biyu ne. Suna iya tausaya maka su sauya, amma alfarma ce, kuma ba a karɓar alfarma da buga kanta. Ai akwai yarjejeniyar Montreal ta 1999 kan sufurin jiragen sama tsakanin ƙasashe. Akwai, sashe na 19 ya ba ka damar neman asarar da jinkiri ya jawo maka, ban musa ba. Sai dai kai za ka fara sayen sabon tikiti da kuɗinka, ka tara rasit, ka tabbatar da asarar, akwai iyakar abin da za a biya, kamfanin kuma zai kuɓuta in ya nuna ya yi duk abin da ya kamata don kauce wa jinkirin. Wannan rigimar watanni ce, ba ta kwanar da kai a kan gado daren yau.

Abin da ya fi ba ni tausayi ma mutumin bidiyon bai sani ba tukuna. In tikitin nan na biyu na zuwa da dawowa ne, rashin bayyanarsa a tafiya yakan sa kamfanoni da yawa su soke sauran, har da dawowar. Wato garin neman gira an rasa ido. Sannan ga biza: wanda zai karɓi akwati dole ya shiga ƙasar da ya yada zango, in kuwa fasfonsa na buƙatar biza a can, tun a filin farko ana iya hana shi hawa, domin kamfanin farko garin tsakiya yake gani a matsayin inda za shi.

Tsakani da Allah, ba dariya nake masa ba. Mutane da yawa ba su ma san tikiti biyu aka sayar musu ba. Ka shiga shafin masu dillancin tikiti, ka biya kuɗi sau ɗaya, a turo maka takarda ɗaya, ka ɗauka shi ke nan. A can ƙasa da ƙananan haruffa an rubuta self-transfer, ma'ana sauya jirgi a wuyanka yake. Wasu dillalan suna haɗawa da garantin kansu, to wannan tsakaninka da dillali ne, ma'aikaciyar kanta ba ta san da shi ba, kuma yawanci sai ka kira su cikin wa'adin da suka gindaya. Hanyar ganewa ba wuya. Duba lambar tafiyar da kamfanin jirgi ya bayar, mai haruffa da lambobi shida, ka sa ta a shafin kamfanin. In duka jiragen sun fito a ƙarƙashinta, madalla. In ɗaya kaɗai ya fito, duba lambar tikiti mai alƙaluma 13 ka ga ko ta ƙunshi duka tafiyar. In har yanzu kana shakka, tambayi wanda ya sayar maka kai tsaye: in jirgin farko ya makara, wa zai biya na gaba? Ya ba ka amsa a rubuce.

Kada kuma mai tikiti ɗaya ya ɗauka ya gama da duniya. In guguwa ce ko rufe sararin sama, diyyar kuɗi ba ta hau kan kamfani ba, ko da yake sauya jirgi da kulawa suna nan. In kai ka shagala a shaguna har aka rufe ƙofa, babu dokar da za ta cece ka. Ba kowace ƙasa ce ke da irin dokar Turai ba. A Amurka, alal misali, babu dokar da ta yanka diyyar kuɗi saboda jinkiri. Amma a ko'ina, mai tikiti ɗaya yana da wanda zai riƙe har a kai shi. Mai tikiti biyu kansa zai riƙe.

Ban ce haramun ne a raba tikiti ba. Wani lokaci bambancin kuɗin yana da yawa, wani lokaci ma ba wata hanyar. In za ka yi, yi da ido buɗe: bar tazara mai faɗi, in da hali ka kwana a tsakiya, ka tafi da jakar hannu kawai, ka karanta ko inshorar tafiyarka ta amince da jirgin da aka rasa a kan tikiti daban, don da yawa ba su amince ba. Ka sani rangwamen da ka samu kuɗin kasada ne aka biya ka. Ka karɓa, ka kashe, ranar da kasadar ta faɗo kuma ka ce zalunci?

Tunda ma an zo nan, ku masu miƙewa tsaye tun jirgi bai gama tsayawa ba, kuna toshe hanya alhali nan ne ƙarshen tafiyarku, don Allah me kuke sauri? Ma'aikata su yi sanarwa a bar masu riskar wani jirgi su fara fita, sai ka ga kowa ya zama mai riskar jirgi, har da wanda zai je ya tsaya minti 30 yana jiran akwati. Ku zauna mana, ba a raba komai a bakin ƙofa.