Sunan mujallar ɗalibai alkawari ne, a daina zaɓensa don daɗin ji kawai

Duk lokacin da ƙungiyar ɗalibai ta tashi fara mujallar fasaha ta mako-mako, sunayen da ake fara kawowa kusan iri ɗaya ne: Haske, Fitila, Madubi, Zamani. Sunaye ne masu kyau, ban musa ba. Amma ku ɗauki Fitila ku faɗa wa ɗalibar da ba ta san da zancen ba, ku tambaye ta me take zaton za ta tarar a ciki. Za ta ce wa'azi, ko waƙoƙi, ko makarantar Islamiyya. Da wuya ta ce waya da kwamfuta. Abin da ke damuna ke nan, domin wahalar da masu rubutun suka sha ba za ta kai ga wanda aka yi dominsa ba.

Magabata sun san wannan. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939 ta faɗi kuɗinta da alkawarinta a cikin sunanta: ka ba da kwabo, ka karɓi abin da ya fi shi daraja.

Saboda haka a fara da rubuta abin da za a riƙa kawowa, suna ya biyo baya. Mu ɗauka mujallar za ta zo da abu uku kowane mako: dabarar waya ko kwamfuta, kamar yadda za ka hana manhajoji shanye maka data a ɓoye, sanarwar kwas na kyauta ko gurbin tallafin karatu, sai gargaɗi kan damfarar da ke yawo, irin saƙon nan na "danna nan ka karɓi tallafi". Wannan mujalla ta amfanin yau da kullum ce. Idan aka sa mata Labaran Kimiyya, an yi wa mai karatu alkawarin da ba za a cika ba. Zai shigo neman labarin tauraron ɗan'adam ya tarar da maganar data, ita kuwa wadda datarta ke ƙarewa kafin ƙarshen mako ta wuce ba ta ko leƙa ba.

Na ji daɗin Wayarka da Karatunka, don ya faɗi komai. Sai dai yana da matsala biyu. "Wayarka" da namiji yake magana, alhali ajin cike yake da mata, kuma ba daidai ba ne a bar su a waje tun daga suna. Na biyu tsawo: idan aka haɗe shi ya zama sunan shafi, `wayarkadakaratunka` haruffa 18 ne, X kuwa ba ya karɓar abin da ya wuce 15. Dole a gutsure shi, sai a wayi gari suna ɗaya a WhatsApp, wani daban a X, mai nema ya rikice.

Ni dai Fasahar Ɗalibai zan zaɓa. Ya faɗi fannin, ya faɗi masu shi, jam'in ya haɗa maza da mata, kuma `fasahardalibai` haruffa 14 ne. Akwai maganar haruffa masu lanƙwasa da ake yawan mantawa: Telegram ba ya karɓar ɗ, ƙ ko ɓ a sunan shafi, sai haruffan boko marasa lanƙwasa da lambobi da alamar `_`. A nan ba a yi asara ba, kowa zai gane `dalibai`. Amma kafin a tsayar da kowane suna, a rubuta shi ba lanƙwasa a karanta da ƙarfi, a ji ko ma'anar ta kauce.

Wani zai ce sunan bai da armashi, kuma fasaha tana iya nufin zane ko waƙa. Gaskiya ne. Maganinsa layi ɗaya a ƙarƙashin sunan, wanda ba ya canzawa: "dabarun waya, guraben karatu da gargaɗin damfara, kowane mako". Armashin kuma a kai shi kan kanun kowace fitowa, can ne wurinsa.

Don Allah kada a sa rana a cikin sunan. Fasahar Juma'a tana da daɗin faɗa, amma makon jarrabawa zai zo, fitowar ta kai Lahadi, sunan ya fara ƙaryata masu shi. Haka ma sunan manhaja ɗaya ko shekara, wa'adinsu gajere ne.

Kafin a buga tambari, a fita da sunaye biyu ko uku da suka rage, a samu ɗalibai daga wasu sassan, 'yan shari'a da 'yan tarihi, ba abokan kwamitin ba. A faɗa musu sunan kawai, ba bayani, a tambaye su me za su samu a ciki. Washegari a koma a ce su rubuta shi a wurin nema na wayarsu. Sunan da suka yi hasashensa daidai, suka kuma iya rubutawa ba tare da an tuna musu ba, shi za a kai wa mai zanen tambari.