Kuɗin rijistar shekara bashi ne a kanki, Hajiya

Masu koyar da girki, ɗinki da gyaran waya a intanet sun yawaita a Jos, kuma wasunsu yanzu sun koma karɓar kuɗin wata-wata daga mabiyansu. Ba ni da ja da wannan, mai ilimi ya ci guminsa. Abin da ke damuna shi ne yadda ake yanka farashi da ka, ba a zauna da biro da takarda ba.

A ce wata baiwar Allah a unguwar Rikkos tana koyar da haɗa kek a rufaffen zaure na Telegram. Ta kasa ɗalibanta aji uku. Mai biyan naira 2,500 a wata yana kallon bidiyo kawai. Mai 5,000 yana da damar yin tambaya a zaure. Mai 15,000 kuma za ta kira shi na awa ɗaya duk wata ta duba aikinsa.

Kafin kuɗin su iso hannunta akwai mai yankar nasa. Idan ta Paystack take karɓa, wato kamfanin da ke karɓar wa 'yan kasuwa kuɗi ta intanet, suna cire kashi 1.5 cikin ɗari, su ƙara naira 100, amma suna yafe ɗarin nan ga abin da bai kai 2,500 ba. To ku duba. A 2,500 za a cire mata 137 da kwabo 50, ta tashi da 2,362 da 'yan kai. Da ta sa 2,400, naira 36 kawai za a cire, ta tashi da 2,364. Ɗalibi ya biya ƙasa, ita ta samu sama. A ajin 5,000 kuwa 175 ne ke tafiya.

Wannan ragi mai sauƙi ne, domin kuɗi kawai suke karɓar mata, neman ɗalibai da cire wanda bai biya ba duk aikinta ne. YouTube na ɗaukar kashi 30 daga kuɗin mambobin tasha, wato 5,000 ɗin nan ta koma kusan 3,500. Substack, dandalin da marubuta ke sayar wa mambobi rubutunsu, na ɗaukar kashi 10, ban da ladan kamfanin da ke cirar kuɗi daga kati. Ni ban ga zalunci a nan ba, tunda su ke riƙe da jerin mambobi suna cirar kuɗi duk wata. Kawai ki san abin da zai rage kafin ki yi alkawari.

Aji na sama shi ke kayar da mutane. Bidiyo ɗaya zai ishi mutum dubu, amma kira na awa ɗaya mutum ɗaya yake isa. Mutum arba'in suka shiga, awa arba'in ke nan a wata, ga gida, ga yara, ga rashin wuta. Irin wannan aji sai an ƙayyade masa kujeru, goma ko sha biyar, in ya cika a rufe.

Yanzu ga inda rigima take. Ta ce ɗan ajin 5,000 da zai biya na shekara gaba ɗaya ya kawo 50,000, ta yafe masa wata biyu. Mutum ashirin suka biya, miliyan ɗaya ta shigo a mako guda, ta sayi sabon oven. Alhali abin da ta yi wa aiki a watan farko bai wuce kashi ɗaya cikin goma sha biyu ba. Sauran amana ce. Bayan wata huɗu wata ɗaliba ta ce, "Anti, don Allah a maido mini da ragowar kuɗina." Nawa ne ragowar? A lissafin ɗaliba, a raba 50,000 gida goma sha biyu a ba ta na wata takwas, kusan 33,300. A lissafin malama, rangwamen na wanda ya cika shekara ne, don haka wata huɗu a kan 5,000 ya zama 20,000, saura 30,000. Kowacce tana da hujja. Ni ina bayan malama, amma da sharaɗin ta rubuta haka a shafin biya tun farko. In ba ta rubuta ba, ta biya 33,300 ɗin. Kuma naira 850 da Paystack suka yanka daga 50,000 ɗin ranar biya kada ta sa ran dawowarsu.

Ku ma masu biya akwai naku. Soke rijista daban, maido da kuɗi daban. A YouTube in ka soke, za ka ci gaba da kallo har ƙarshen watan da ka biya, sannan a daina cira. Goge manhajar daga waya ba ya tsayar da komai, katinka zai ci gaba da zuba. Wanda ya biya ta cikin iPhone, wajen Apple zai nemi kuɗinsa, mai tashar ba ta da ikon maido masa.

Akwai kuma masu tsallake malama su tafi banki kai tsaye su ce ba su san da cirar ba. Banki zai nemi hujja daga wajenta cikin ƙayyadadden lokaci, in ba ta kawo ba a cire kuɗin daga asusunta. Shi ya sa rasit, ranar da ta saka ɗaliba a zaure da saƙon da ɗalibar ta amince da sharaɗi, duk ta adana su wuri ɗaya.