Game Bar na kama taga ɗaya ne kawai, amma ana neman mu ɗauki darasi cikakke da shi

A cibiyar da nake koyar da aikin kwamfuta a Yamai, an umarce mu da mu riƙa ɗaukar gajeren bidiyo na kowane darasi domin ɗaliban da ba su samu zuwa ba, kuma da muka nemi a samar mana manhajar da ta dace, sai aka ce ai Windows yana da Game Bar kyauta, mu yi amfani da shi. Wanda ya ba da wannan umarni bai taɓa danna Win+G da hannunsa ba, domin da ya taɓa, da ya san cewa an yi wannan abu ne domin masu wasa, waɗanda ke zaune cikin taga ɗaya tun daga farko har ƙarshe.

Ɗaukar hoto ba ta da wata damuwa. Mutum ya danna Win+Alt+PrtScn, wato maɓallin da ke ɗauke da Impr écran a kwamfutocinmu masu Faransanci, hoton PNG ya faɗa cikin Vidéos\Captures, shi ke nan. Bidiyon ne ke da ɓacin rai.

Ga darasin da ya fi kowane sauƙi: a buɗe Excel, a rubuta lissafin kayan shago, a adana shi, sannan a kwafe shi zuwa kilen USB. Na danna Win+Alt+R, ƙaramin agogo ya bayyana a gefen allo yana ƙirga daƙiƙu, na yi bayanin lissafin tiryan-tiryan. Amma Game Bar yana manne ne da tagar da aka fara ɗauka a cikinta, ba ya ɗaukar fuskar kwamfuta, ba ya kuma ɗaukar File Explorer, wanda ta cikinsa ne ake kwafe fayil. Da zarar na saukar da tagar Excel domin in nuna kilen, ɗaukar ta yanke, ni kuwa ina ta zuba bayani ga allon da ba ya saurarena. Ko a cikin tagar ma, sau da yawa jerin zaɓin da ke saukowa idan an danna dama ba ya fitowa a bidiyon, sai ɗalibi ya ga kibiya tana yawo a fili ana cewa ya zaɓi abin da ba ya gani. Alamar da mutum zai dogara da ita ita ce wannan agogon: idan ya ɓace, ɗauka ta tsaya, ko da kuwa babu abin da ya sanar da shi.

Sai maganar murya. Sautin manhajar yana shiga, amma muryar malami ba ta shiga sai an kunna makirufo da Win+Alt+M, kuma wani abokin aikina ya tura wa ɗalibansa bidiyon da babu ko tari a cikinsa, aka kira shi ofis aka ce sakaci ne, alhali ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya nuna mana wannan maɓalli.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne kwamfutocin kansu. Game Bar ba ya ɗaukar bidiyo sai katin hoton na'urar yana da sashen da ke matse bidiyo zuwa H.264, irin su Quick Sync ko NVENC ko VCE, kuma sai an saka masa direbansa na gaskiya. Wani ɗan kasuwa ya kawo wa cibiyar tsofaffin kwamfutoci, ya rantse cewa babu aikin da zai gagare su. A wasunsu maɓallin ɗaukar bidiyon a dushe yake, hoto kawai suke iya ɗauka, kuma saƙon da ke fitowa yana cewa na'urar ba ta cika sharuɗɗa ba. Da aka tuntuɓe shi, sai ya ce mu sake saka Windows, kamar sake saka shi zai haifar da abin da babu a jikin ƙarfen.

An kuma ce mana Win+Alt+G zai cece mu, tunda yana adana daƙiƙa 30 da suka wuce. Wannan ma sai an riga an kunna ɗaukar bayan fage a Paramètres > Jeux > Captures, kuma idan wuta ta ɗauke, kamar yadda take yi mana a tsakiyar bazara, kwamfutar hannu ta koma kan batir, ɗaukar bayan fagen tana tsayawa sai in an zaɓi ta ci gaba ba tare da caji ba. Ta tebur kuwa mutuwa take yi gaba ɗaya, fayil ɗin MP4 da ba a rufe ba ya ƙi buɗuwa.

Saboda haka, ranka ya daɗe shugaban cibiya, ko dai a yarda mu saka manhajar da ke ɗaukar allo gaba ɗaya a kan kwamfutocin da ke iya ɗaukarta, ko kuma a cire kwafe fayil daga jerin darussan da ake tilasta mana turowa kowace Juma'a.